Daga 9000 Zuwa 29480: Yadda Kwamfuta Ke Gano Inda Ta Ajiye Bayani

Manhajoji biyu suna aiki lokaci guda a cikin kwamfuta ɗaya. Ta farko ta nemi a ba ta abin da ke adireshi mai lamba 9000, aka miƙo mata wani harafi daga wasiƙar da mai kwamfutar yake rubutawa. Ta biyu ita ma ta nemi abin da ke 9000, sai ta samu wani ɗan yanki na hoto. Babu wadda aka yi wa kuskure, kuma babu wadda ta taɓa kayan 'yar'uwarta. Haka abin yake faruwa sau miliyoyi a kowace daƙiƙa a cikin kwamfutar ofis da wayar hannu.

Dalili shi ne lambar da manhaja take ambata ba ita ce ainihin wurin da bayanin yake ba a cikin memorin kwamfuta, wato RAM. Adireshi iri biyu ne. Akwai adireshin manhaja, wanda littattafan darasi ke kira lojikal, shi ne wanda manhaja take gani kuma take lissafi da shi. Akwai kuma adireshin zahiri, ko fizikal, wanda yake nuna takamaiman wuri a jikin RAM. Tsakaninsu akwai wani jadawali, jadawalin shafuka, da wani sashe na furosesa mai suna MMU wanda ba shi da wani aiki sai duba jadawalin da mayar da adireshi na farko zuwa na biyu. Duk ɗalibin da ya karanta kimiyyar kwamfuta ya haɗu da wannan lissafi a darasin babbar manhaja, kuma da yawa suna jin tsoronsa. Alhali kuwa rabawa ce, da duba jadawali, da ninkawa, da tarawa, waɗanda ɗan aji shida na firamare ya sani.

Dabarar ta girmi yawancin masu amfani da ita. Ta fara aiki ne a kwamfutar Atlas, wadda Jami'ar Manchester ta ƙera tare da kamfanin Ferranti a ƙarƙashin jagorancin Tom Kilburn, aka ƙaddamar da ita a 1962. Memorinta mai sauri ƙarama ce, kalmomin na'ura 16,384 kawai take ɗauka, sai wata ma'adana mai juyawa wadda ta fi ta girma amma ta fi ta nawa. Kafin Atlas, mai rubuta manhaja shi ne yake tsara da hannunsa wane yanki zai shiga memori yanzu, wane zai fita. Injiniyoyin Manchester suka yanka komai zuwa shafuka masu kalmomi 512, suka bar wa na'ura aikin shigarwa da fitarwa, mai manhaja kuma ya yi aikinsa kamar memori ɗaya ce babba a gabansa. Kwamfutocin tebur irin na ofis sun samu wannan tsari da furosesar Intel 80386 a 1985, da shafi mai bayit 4096, girman da har yau shi ne aka fi amfani da shi.

Ga yadda ake yankan. Ana raba dukan adireshin manhaja zuwa yankuna masu girma ɗaya, kowanne sunansa shafi. Ana raba RAM ita ma zuwa yankuna masu wannan girman dai, kowanne sunansa gurbi. Tun da girmansu ɗaya ne, kowane shafi zai iya zama a kowane gurbi. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar hatsi da ya sa wa buhunansa lamba a jere daga farko har ƙarshe, ya kai wa mai sito. Mai siton ba shi da ɗakuna a jere da babu kowa ciki, sai ya zuba rukunin farko a ɗaki na biyar, na gaba a ɗaki na biyu, ya rubuta a littafinsa. Ɗan kasuwa yana nan yana ambaton lambar buhu, mai sito kuma yana duba littafi ya san ƙofar da zai buɗe.

Yanzu sai aikin kansa. A ɗauki wata ƙaramar kwamfuta ta darasi. Adireshin manhajarta bit 16 ne, ma'ana tana iya ambaton adireshi daga 0 zuwa 65535. Girman shafi bayit 4096 ne. In aka raba 65536 da 4096 za a samu 16, ke nan shafuka 16 ne, daga shafi 0 zuwa shafi 15. RAM ɗinta kuwa bayit 32768 ce, wato gurbi 8, daga gurbi 0 zuwa gurbi 7. Tun daga nan mai karatu zai lura cewa shafuka sun ninka gurabe yawa, don haka ba zai yiwu dukansu su zauna a RAM lokaci guda ba. Manhajar da ake magana a kanta an ba ta shafuka shida, ga kuma jadawalinta:

```
shafi   gurbi   yana RAM?   izini
  0       5        i        karatu
  1       2        i        karatu da rubutu
  2       7        i        karatu da rubutu
  3       -        a'a      karatu da rubutu
  4       0        i        karatu da rubutu
  5       6        i        karatu da rubutu
```

Shafuka daga 6 zuwa 15 ba a ba manhajar su ba sam.

Tambayar farko: manhaja ta nemi karanta adireshi 9000. Ina ne ainihin wurin a RAM?

Matakin farko shi ne a gano a wane shafi 9000 yake, da kuma nisansa daga farkon shafin. Ana raba 9000 da 4096. Sau biyu 4096 yake shiga, wato 8192, saura 808. Amsar rabawar ita ce lambar shafi, sauran kuma shi ne tazara. Ke nan adireshi 9000 yana shafi 2, bayit 808 daga farkonsa. Yana da kyau a tabbatar da wannan ta wata hanyar: shafi 0 ya ƙunshi adireshi 0 zuwa 4095, shafi 1 ya ƙunshi 4096 zuwa 8191, shafi 2 kuma 8192 zuwa 12287. Lallai 9000 yana cikin na ukun.

Mataki na biyu shi ne duba jadawali. Layin shafi 2 ya ce shafin yana RAM, an yarda a karanta shi, kuma yana gurbi 7.

Mataki na uku shi ne gano inda gurbi 7 ya fara. Gurabe bakwai ne a gabansa, daga 0 zuwa 6, kowanne da bayit 4096, saboda haka ya fara a 7 sau 4096, wato 28672. Sai a ƙara tazarar nan ta 808, a samu 29480. Wannan ne adireshin zahiri. Ga aikin gaba ɗaya a taƙaice:

```
9000 ÷ 4096 = 2, saura 808
shafi 2 → gurbi 7
7 × 4096 + 808 = 29480
```

Abin da ya kamata a riƙe da kyau a nan shi ne tazara ba ta canzawa. Da aka ɗauki shafi aka sa shi a gurbi, an ɗauke shi ne ɗungurungum, ba a motsa komai a cikinsa ba. Bayit ɗin da yake na 808 daga farkon shafi, shi ne na 808 daga farkon gurbi. Jadawali ba ya sanin komai game da tazara, lambar shafi kaɗai yake karɓa, lambar gurbi kaɗai yake bayarwa.

Manhaja ta biyu tana da nata jadawalin daban. In a nata shafi 2 yana gurbi 1, to 9000 ɗinta zai zama 4096 da 808, wato 4904. A duk lokacin da babbar manhaja ta sauya daga wannan manhaja zuwa waccan, tana gaya wa furosesa jadawalin da za ta riƙa dubawa. A furosesoshin Intel da AMD ana ajiye adireshin jadawalin da ke aiki a wata rajista mai suna CR3. Tun da babu layi ko ɗaya a jadawalin ta biyu da ke nuna gurbi 7, ba ta da wata lamba da za ta ambata ta kai ga kayan ta farko. A nan ne kariyar da ke tsakanin manhajoji ta samo asali, kuma kariya ce mai ƙarfi, domin ba gargaɗi ake yi wa manhaja ba, hanyar ce babu.

Mai karatu na iya tambayar me ya sa 4096, lamba marar daɗin lissafi, ba 4000 ba. Ga ɗan adam ne ba ta da daɗi. A wurin na'ura mai lissafi da 0 da 1, 4096 shi ne 2 da aka ninka da kansa sau 12, kuma wannan ya sa ba ta buƙatar yin rabawa ko kaɗan. In aka rubuta 9000 da bit 16, bit 12 na dama su ne tazara, bit 4 na hagu su ne lambar shafi:

```
0010 | 0011 0010 1000   = 9000
0111 | 0011 0010 1000   = 29480
```

A layi na sama, 0010 shi ne 2. A na ƙasa, 0111 shi ne 7. Ɓangaren dama bai motsa ba. Aikin MMU ke nan: ta cire ɓangaren hagu, ta duba jadawali da shi, ta liƙa abin da ta samu a madadinsa. Mutum zai yi irin wannan da shafi bayit 1000 ne cif: a adireshi 9254 zai ga shafi 9 da tazara 254 da ido kawai, ba tare da alƙalami ba.

Shi ya sa masu aikin suke rubuta adireshi da tsarin heks, mai alamomi 16, daga 0 zuwa 9 sannan A zuwa F, inda kowace alama ɗaya take wakiltar bit 4. A heks 9000 shi ne `0x2328`. Alamomi uku na ƙarshe, 328, su ne tazara, 2 kuma shafi. A sauya 2 da 7, sai a samu `0x7328`, wanda shi ne 29480. Ɗalibin da aka ba adireshi a heks, shafi kuma 4096, sai ya mayar da shi lambar yau da kullum don ya raba, ya ɗora wa kansa wahalar da ba a sa shi ba, kuma ya buɗe ƙofar kuskure sau biyu, wajen zuwa da wajen dawowa.

Bakin iyakar shafi wuri ne da ya cancanci a tsaya a kai. A ɗauki adireshi biyu maƙwabta, 4095 da 4096. Na farko shafi 0 ne, tazara 4095, bayit na ƙarshe a shafin. Shafi 0 yana gurbi 5, wanda ya fara a 20480, don haka amsa 24575. Na biyu shafi 1 ne, tazara 0. Shafi 1 yana gurbi 2, amsa 8192. A idon manhaja suna manne da juna, a RAM kuwa akwai fiye da bayit 16000 a tsakaninsu, kuma na biyun ma ya riga na farkon. Wannan ne babban amfanin tsarin: babbar manhaja ba ta neman fili mai faɗi a jere kafin ta ɗora manhaja, duk gurbin da babu kowa ya isa. Akwai farashi dai. Manhajar da ke buƙatar bayit 20500 shafuka biyar ba za su ishe ta ba, domin biyar sau 4096 20480 ne. Saboda bayit 20 da suka rage sai an ba ta shafi na shida cikakke, bayit 4076 su zauna babu amfani.

Tambaya ta biyu: manhaja ta nemi adireshi 13000. Raba shi da 4096 ya ba da 3, domin uku sau 4096 12288 ne, saura 712. Shafi 3, tazara 712. Da aka duba jadawali sai aka tarar shafi 3 ba ya RAM. A takardar jarrabawa, amsar da ta dace a wannan mataki ita ce babu adireshin zahiri tukuna, an samu katsewar rashin shafi. Ɗalibin da ya ƙirƙiro wata lamba a nan don kada ya bar wuri fari ya faɗi tambayar.

A cikin na'ura kuwa ga abin da ke biyo baya. MMU tana dakatar da umarnin da ake cikin aiwatarwa, ta miƙa lamarin ga babbar manhaja tare da adireshin da ya jawo matsalar (a Intel ana samunsa a rajistar CR2). Babbar manhaja ta duba bayananta, ta ga shafi 3 halal ne ga wannan manhaja, yana dai ajiye ne a faifai. Sai ta nemi gurbin da babu kowa. A ce gurbi 4 ne. Ta kwafo shafin daga faifai zuwa can, ta gyara layin jadawali ya koma "shafi 3, gurbi 4, yana RAM", sannan ta sa furosesa ta sake aiwatar da umarnin nan daga farko. A wannan karon lissafi ya tafi daidai: huɗu sau 4096 16384 ne, a ƙara 712, a samu 17096. Manhajar ba ta san an yi komai ba, sai dai lokaci da ya wuce. In kuma babu gurbin da babu kowa, sai an fitar da wani shafi tukuna, kuma in an yi rubutu a cikinsa tun shigowarsa, sai an fara mayar da shi faifai. Don sanin haka ne layin jadawali na ainihi yake da wani bit da furosesa take kunnawa da zarar an yi rubutu a shafin.

Lokacin da ke wucewa ɗin ba ƙarami ba ne. Karanta RAM yana ɗaukar kusan nanosakan 100, ɗauko shafi daga SSD ya ninka haka sau ɗaruruwa, daga tsohon faifai mai juyawa kuma sau dubun-dubata. Idan manhajojin da aka buɗe suna buƙatar shafuka fiye da guraben da ke akwai, kwamfuta takan shiga halin fitar da wannan don shigo da wancan, sannan ta sake neman wanda ta fitar. Alamar a bayyane take: faifai yana ta aiki ba hutawa, furosesa ba ta cika ba, amma komai ya yi nauyi. A Windows mutum zai iya buɗe `Resource Monitor` ya duba layin `Hard Faults/sec`. In lambar ta daɗe a sama yayin da RAM ta kusa cika, maganin shi ne rufe wasu manhajoji ko ƙara RAM, sayen furosesa mai sauri ba zai taimaka ba.

Tambaya ta uku ta yi kama da ta biyu amma ƙarshenta daban. Adireshi 40000: tara sau 4096 36864 ne, saura 3136, ke nan shafi 9. MMU za ta dakata kamar yadda ta yi a baya, domin a wurinta duk rashin shafi ne. Bambancin yana wurin babbar manhaja, wadda za ta duba ta ga ba ta taɓa ba wannan manhaja shafi 9 ba. Babu abin ɗaukowa daga faifai. Sai ta tsayar da manhajar, kuma a Linux mai rubuta manhaja yakan ga saƙon `Segmentation fault`. Haka ma zai faru in manhajar ta yi ƙoƙarin rubutu a adireshi 100: shafi 0 yana nan a gurbi 5, amma izininsa na karatu ne kawai. Ke nan kafin a kai ga ninkawa da tarawa, akwai tambayoyi biyu da za a yi wa layin jadawali, shin shafin yana nan, kuma shin an yarda da abin da ake son yi. A tsarin ainihi ma da gangan ake barin shafi 0 ba tare da gurbi ba, don a kama manhajar da ta yi amfani da adireshi 0 bisa kuskure. A darasi ne kawai ake cika shi.

Kurakuran da ake yi a wannan lissafi sanannu ne, kuma kowanne yana da alamarsa. Mafi yawa shi ne na kalkuleta. Mutum ya danna 9000 raba 4096, ya ga 2.197, sai ya ɗauki 197 a matsayin tazara. Abin da ke bayan ɗigo kaso ne na shafi, ba adadin bayit ba. Hanyar tsira ita ce a ninka 2 da 4096 a cire daga 9000. Na biyu shi ne ɗaukar kilobayit huɗu a matsayin 4000: za a samu shafi 2, tazara 1000, amsa 29000, lamba mai kama da gaskiya wadda ta kauce da bayit 480. Wani kuma yakan fara ƙirga daga 1, ya kira 9000 shafi 3 saboda shi ne na uku a jere, sai ya faɗa layin da babu gurbi ya ce an samu katsewa. Akwai kuma mai karanta jadawali a juye, ya nemi 2 a ɓangaren gurbi, ya ɗauko 1 daga ɓangaren shafi.

Gwajin amsa ba ya cin minti ɗaya. A raba amsar da girman shafi. Dole sauran ya yi daidai da tazarar da aka fara da ita, amsar rabawar kuma ta zama lambar gurbi: 29480 raba 4096 ya ba da 7, saura 808. Tazara ba za ta kai 4096 ba har abada, amsa kuma ba za ta kai girman RAM ba, wato 32768 a wannan darasi. Wannan gwaji zai kama kuskuren 4000 nan take, domin 29000 raba 4096 saura 328 yake bari, ba 1000 ba. Amma ba zai kama wanda ya karanta layin da ba shi ba, wannan sai an sake duba jadawali da ido.

Jadawali mai layi 16 abu ne mai sauƙi. Na ainihin kwamfuta ba haka yake ba. Adireshi mai bit 32 da shafi 4096 ya bar bit 20 don lambar shafi, wato shafuka 1,048,576. In kowane layi bayit 4 ne, jadawalin manhaja ɗaya zai ci megabayit 4, ko da manhajar ƙarama ce mai amfani da shafuka goma. Maganin da 80386 ta zo da shi shi ne raba lambar shafi gida biyu, bit 10 da bit 10. Na farko ana duba babban jadawali da shi, wanda zai nuna inda ƙaramin jadawali yake. Na biyu ana duba ƙaramin da shi a samu gurbi. A adireshi `0x00403328`, bit 10 na farko sun ba da 1, na tsakiya sun ba da 3, tazara kuma 328 ce a heks. Sai a je layi 1 na babban jadawali, daga can a je layi 3 na ƙaramin. In ya ce gurbi `0x1A`, amsa `0x1A328`. Ƙananan jadawalai na yankunan da manhaja ba ta amfani da su ba a ma ƙirƙirar su. Furosesoshin Intel da AMD masu bit 64 sun ƙara matakan zuwa huɗu, kowanne bit 9, tare da bit 12 na tazara, jimilla 48, wasu sababbi ma har biyar. Ƙa'idar dai ita ce ta 9000: ɓangaren hagu ya bi ta jadawali, na dama ya wuce yadda yake.

Saura tambayar da mai lura zai riga ya yi. Jadawalin kansa a RAM yake zaune. Ashe kowane karatu ɗaya zai zama biyu, ko biyar a tsarin matakai huɗu? Da haka ne da kwamfuta ta yi nauyi ƙwarai. Abin da ya ceci tsarin shi ne wata 'yar ma'adana mai tsananin sauri a cikin furosesa, mai suna TLB, wadda ke riƙe fassarorin da aka yi kwanan nan. Da an gano shafi 2 yana gurbi 7, ana ajiye wannan a TLB, kuma duk adireshin da ya biyo baya daga 8192 zuwa 12287 zai samu amsa ba tare da komawa jadawali ba. Manhajoji kuwa sukan daɗe suna zagaye a 'yan shafuka kaɗan. A lissafin darasi, in karatun RAM nanosakan 100 ne, jadawali mataki ɗaya, kuma a cikin kowane karatu 100 ana samun 99 a TLB, matsakaicin lokaci zai zama 101 a maimakon 200. Sharaɗin shi ne duk lokacin da babbar manhaja ta gyara layin jadawali, dole ta share tsohuwar fassarar daga TLB, in ba haka ba furosesa za ta ci gaba da zuwa gurbin da aka riga aka ba wani.

Ba kowace na'ura ce ke amfani da 4096 ba. Furosesoshin ARM masu bit 64 suna iya aiki da shafi na kilobayit 4, ko 16, ko 64. Kwamfutocin Apple masu furosesar M1 da waɗanda suka biyo bayanta suna amfani da bayit 16384, Android kuma ta fara karɓar wannan girma daga Android 15. A irin wannan na'ura 9000 bai ma fita daga shafi 0 ba, tazararsa 9000 ce, bit 14 ne kuma na tazara. Wanda yake da Linux ko Mac zai iya ganin girman shafin na'urarsa da wannan umarni:

```
getconf PAGESIZE
```

Mai karatu da ke son gwada hannunsa ya koma jadawalin nan na shafuka shida ya fassara adireshi 20000, sannan 24575, sannan 24576. Na farko zai ba shi shafi 4, tazara 3616, kuma tun da shafi 4 yana gurbi 0, amsar 3616 ce, kada ƙanƙantarta ta sa shi shakka. Na biyu bayit na ƙarshe ne a shafi 5, amsarsa 28671. Na uku ya faɗa shafi 6, wanda ba a ba manhajar ba, don haka ba shi da adireshin zahiri.